Kafasitan da Ke Cewa 10 Amma Ya Ba da 3

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin wayar hannu a teburin mai gyara ya ga wasu ƴan dunƙulalliyar abubuwa masu ruwan ƙasa, an jera su a kan bod ɗin, kowanne da farin ƙarfe a kai da gindi. Tsawon wasu bai wuce milimita 1 ba. Su ne kafasitocin seramik, kuma a waya ɗaya ta zamani akan sami ɗaruruwansu, wata ma ta doshi dubu. Babu rubutu a jikinsu ko harafi ɗaya. Mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ko a wata rumfa a Maraɗi yakan ciro ɗaya daga mataccen bod, ya gwada da mita, ya ga lambar ta yi daidai, ya liƙa a inda ake buƙata. Sau da yawa aiki ya yi kyau. Wani lokaci kuma na'urar takan yi ta kashe kanta da rana tsaka, ko rediyo ya riƙa kauce wa tasha, alhali mita ta rantse cewa kafasitan lafiyarsa lau.

Mitar ba ƙarya ta yi ba. Kafasitoci biyu suna iya zama girma ɗaya, lamba ɗaya, amma seramik ɗin da ke cikinsu ya bambanta ƙwarai, har ɗaya ya riƙe lambarsa a kowane hali, ɗayan kuwa ya zubar da fiye da rabinta da zarar an kunna wuta. Dalilin yana can cikin yadda abin da ba ya wuce da lantarki yake amsa wa lantarki.

Kafasita dai faranti biyu ne na ƙarfe da ke fuskantar juna, ba su taɓa juna ba. Idan aka haɗa su da batir, caji mai filos ya taru a ɗaya, mai mainos ya taru a ɗayan. Yawan cajin da ya taru a kan kowane bolt ɗaya shi ne ƙarfin kafasitan, ana auna shi da farad. Farad guda babba ne ƙwarai, shi ya sa a aikin yau da kullum sai a ji ana maganar mikirofarad, wato kashi ɗaya cikin miliyan, da nanofarad, da fikofarad, kowanne ya gaza na gabansa sau dubu. A shekarar 1837 Michael Faraday ya gwada cike tsakanin ƙarafan biyu da abubuwa irin su kibiritu da gilashi maimakon iska, ya tarar kafasitan yana ɗaukar caji fiye da da, ko da yake abubuwan da ya zuba ba sa barin lantarki ya ratsa su. Irin wannan abu da ke tsakanin farantan shi ake kira dayalektirik.

To, ta yaya abin da lantarki ba ya wucewa ta cikinsa zai ƙara wa kafasita ƙarfi?

Awaki a turke

A cikin waya ta jan ƙarfe akwai ilektiron da ke yawo sakaka, da an sa boltej sai su kwarara. A cikin gilashi ko roba ko tangaran ma akwai caji, filos da mainos, da yawa kuwa, sai dai kowanne a ɗaure yake a gurbinsa. Ka ɗauka awaki ne a turke. Idan aka ajiye dusa a gefe ɗaya na garke, babu akuyar da za ta bar turkenta, amma kowacce za ta miƙa wuya ta ja igiya zuwa wajen dusar. Garken bai tafi ko'ina ba, amma gaba ɗayansa ya karkata. Haka caji ke yi a cikin dayalektirik: mai mainos ya ɗan gusa wajen farantin filos, mai filos ya ɗan gusa wajen farantin mainos, tazarar da ba ta kai faɗin atam ɗaya ba. Wannan karkatar ce masana ke kira folarizeshan.

A tsakiyar abin, gusawar wannan atam tana shafe ta maƙwabcinsa, ba a ganin komai. A fuskoki biyu na waje ne abin ke bayyana. Fuskar da ke manne da farantin filos takan wayi gari da siririn shimfiɗin caji mai mainos, ɗaya fuskar kuma da mai filos. Waɗannan ɗaurarrun caji suna kashe wani ɓangare na tasirin cajin da ke kan farantan, sai boltej ɗin da ke tsakani ya nemi sauka. Batir kuwa ba ya yarda boltej ya sauka, sai ya turo ƙarin caji har a koma daidai. Ƙarin nan da batir ya turo shi ne ribar. Idan kafasita ya ɗauki ninki biyar na abin da zai ɗauka da babu komai a tsakani, sai a ce lambar dayalektirik ta abin 5 ce. Ta iska 1 ce da ɗan burbushi, ta ledar foliyetilin wajen 2.3, gilashi tsakanin 4 da 10 gwargwadon irinsa.

Ba hanya ɗaya caji ke bi ya karkata ba, kuma bambancin hanyoyin shi ne ke raba dayalektirik mai natsuwa da mai rawar kai. Hanya ta farko tana cikin kowane abu: gajimaren ilektiron da ke kewaye da ƙwayar atam ya ɗan zame gefe. Ilektiron ba shi da nauyi, don haka wannan zamewa tana iya bin lantarkin da ke juyawa da saurin haske kansa, kuma zafi bai cika damunta ba. Matsalarta ita ce ribarta kaɗan ce, ninki biyu ko uku a yawancin abubuwa. Hanya ta biyu tana cikin abubuwan da aka gina da ayon, wato atam masu ɗauke da caji, kamar gishirin miya. A nan atam ɗin sukutum ne ke gusawa, sodiyom ya yi nan, kilorin ya yi can. Lambar gishiri kusan 5.9 ce, amma a saurin haske, inda ayon masu nauyi ba sa iya bi, takan faɗo zuwa wajen 2.4. Tazarar nan ita ce rabon ayon.

Hanya ta uku ta ruwa ce da ire-irensa. Ƙwayar ruwa tun asali tana da gefen filos da gefen mainos, ba sai an ja ta ba, juyawa kawai za ta yi ta fuskanci lantarki. Shi ya sa lambar ruwa ta kai wajen 80. Amma juyawa tana cin lokaci, kuma zafi yana hargitsa jerin. Idan lantarki na sauya fuska sau biliyoyi a sakan, ƙwayoyin sukan fara makara, makarar kuma ta koma zafi. Da wannan ne murhun maikirowef ke ɗumama tuwo, yana juya lantarki sau biliyan 2.45 a sakan. A saurin haske kuwa lambar ruwa ba ta wuce 1.8 ba. Abin riƙewa a nan shi ne lambar dayalektirik ba hali ba ne tabbatacce kamar nauyin dutse. Tana bin saurin juyawar lantarki, tana bin zafi, kuma duk karkatar da ta makara asara ce da ke fita a matsayin ɗumi.

Da za a yi ta ƙara boltej ba iyaka, igiya za ta tsinke. Ilektiron su ƙwace, wuta ta fasa hanya ta cikin abin, ta bar ƙonannen rami. Busasshiyar iska tana tsinkewa a wajen bolt 3,000 a kan kowace milimita. A riƙe wannan lambar, za mu buƙace ta.

Taitaniyom da bai zauna a tsakiya ba

Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, kafasitoci masu kyau na rediyo da maika ake yin su, wani dutse mai ɓarewa falle-falle, lambarsa 5 zuwa 7. Seramik ɗin taitaniyom oksaid ya kai wajen 100, ana ganin ya yi abin a zo a gani. A cikin shekarun yaƙin ne masu bincike a Amurka da Tarayyar Sobiyet da Japan, kowa a ɓangarensa, suka gano cewa idan aka gasa bariyom da taitaniyom da oksijin suka zama bariyom taitanet, lambar takan haura dubu. Har yau wannan sinadari ne ke cikin mafi yawan ƴan kafasitocin nan masu ruwan ƙasa.

Sirrin yana cikin gininsa. A ɗauki ƙaramin akwati mai kusurwa takwas, faɗinsa wajen nanomita 0.4. Bariyom na zaune a kowace kusurwa, oksijin a tsakiyar kowace fuska daga cikin shida, taitaniyom guda a can ciki. Gurbin da oksijin shidan suka bar wa taitaniyom ya ɗan fi shi girma. Idan zafi ya haura digiri 120 zuwa 130 a ma'aunin Salshiyos, jijjigar zafi takan sa a ga kamar yana tsakiya daidai. Da zafin ya sauka ƙasa da haka sai ya zame gefe ɗaya, wajen nanomita 0.01, akwatin kansa ya ɗan miƙe ta wannan fuska. Ke nan kowane akwati ya karkata da kansa tun ba a sa masa boltej ba. Wannan iyakar zafi ana kiran ta zafin Curie.

Akwatunan da ke maƙwabtaka sukan zaɓi fuska ɗaya, su zama yanki. Yanki na kusa ya zaɓi wata fuskar dabam, tsakaninsu akwai iyaka. Idan aka sa ƙaramin boltej, taitaniyom da ke zaune a sako-sako yakan gusa sosai, iyakokin ma su matsa, yankunan da suka dace da lantarkin su faɗaɗa su cinye na kusa. Motsi kaɗan na boltej, karkata mai yawa: daga nan dubban nan suke fitowa. A daidai zafin Curie, inda ginin ke tsakanin zama haka ko haka, lambar takan yi tsalle ta kai wajen 10,000, sannan ta gangaro ta kowane gefe.

Ga abin da wannan ke nufi a zahiri. Lissafin kafasita mai farantai shi ne:

```
C = ε0 × εr × A / d
ε0 = 8.854 × 10^-12 F/m
```

A shi ne faɗin inda farantai suka haɗa fuska, d kaurin seramik, εr kuma lambar dayalektirik. Masana'antu irin su Murata da TDK da Taiyo Yuden a Japan, da Samsung Electro-Mechanics a Koriya ta Kudu, sukan kwaɓa garin seramik, su shimfiɗa shi falle-falle, su buga farantin nikel a kan kowane falle, su jera ɗaruruwa, su yanka, su gasa a wuta mai zafin sama da digiri 1,000. Farantai na ɗaya, na uku, na biyar suna fita ta kai, na biyu, na huɗu, na shida ta gindi. Mu ɗauki girman da ake kira 0603, wato milimita 1.6 da 0.8. A ce inda farantai suka haɗu milimita 1.2 ne da 0.5, kaurin falle mikiromita 1, lambar seramik 3,000. Falle ɗaya zai ba da wajen nanofarad 16. Falle 400 su ba da mikirofarad 6.4. Da a ce seramik mai lamba 30 aka sa a wannan gini, da nanofarad 64 kawai za a samu, kashi ɗaya cikin ɗari.

Yanzu a sa wa wannan kafasita bolt 5, irin na cajar waya. Bolt 5 a kan mikiromita 1 daidai yake da bolt 5,000 a kan milimita, ya zarce abin da ke tsinka iska ta yi tartsatsi. Seramik ɗin ba zai fashe ba, yana jure fiye da haka. Amma a irin wannan matsi yawancin yankunan sun riga sun juya, taitaniyom ya kai kusan ƙarshen gurbinsa, awakin sun ja igiya ta miƙe tsaf. Idan boltej ya ɗan motsa sama ko ƙasa, sauran karkatar da za a samu kaɗan ce. Kafasitan yana nan, bai lalace ba, amma ƙarfin da yake nunawa ga ƴan motsin boltej ya ragu. Ba abin mamaki ba ne ƙaramin kafasita da aka sayar a matsayin mikirofarad 10, bolt 6.3, ya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye a kan bolt 5. Da an cire boltej sai ya koma. Mitar mai gyara kuwa da ɗan ƙaramin boltej take awo, ba tare da wannan matsi ba, don haka 10 za ta nuna. Masana'anta ma a irin wannan yanayi mai sauƙi take auna lambar da ta rubuta a jikin kwali.

Haruffa uku a jikin kwali

Kasuwa ta raba seramik gida biyu. Gida na farko shi ne wanda babu yankuna masu juyawa a cikinsa, karkatar ilektiron da ta ayon kawai yake da su. Sarkin gidan shi ne C0G, wanda kuma ake rubutawa NP0, yawancin na yanzu da kalsiyom zakonet ake yin su, lambarsa ƴan gomomi. Alkawarinsa shi ne daga digiri 55 ƙasa da sifiri zuwa digiri 125 ba zai kauce da fiye da kashi 30 cikin miliyan a kan kowane digiri ba. Boltej ba ya rage shi, tsufa ba ya cin sa, asararsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu. Laifinsa ɗaya: ba ya ɗaukar kaya da yawa. A ƙananan girma fikofarad da nanofarad ne iyakarsa.

Gida na biyu na bariyom taitanet ne, kuma haruffan suna da ma'ana. Na farko sanyin da zai jure, lambar tsakiya zafin, harafin ƙarshe yawan kaucewar da aka yarda masa idan aka kwatanta da ƙarfinsa a digiri 25. X7R na aiki daga digiri 55 ƙasa da sifiri zuwa 125, kaucewa kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa. X5R haka yake sai dai zafinsa ya tsaya a 85. A waɗannan an cuɗa wasu sinadarai ne don a baje tsallen nan na zafin Curie ya zama shimfiɗaɗɗe, lambar ta tsaya tsakanin 2,000 da 4,000. Y5V kuwa dabarar dabam ce. An jawo tsallen ne aka ajiye shi kusa da zafin ɗaki, don a ci ribar lamba mai girma a kuɗi kaɗan. Amma wanda ke zaune a kan tsauni ko ta ina ya matsa gangara ce. Ƙa'idar Y5V ta yarda masa ya faɗi da kashi 82 cikin ɗari tsakanin digiri 30 ƙasa da sifiri da digiri 85. Ɗan'uwansa Z5U an yarda masa kashi 56.

A lura da abin da haruffan ba su faɗa ba. Zafi kawai suka yi wa alkawari. Ba su ce komai ba game da raguwar da boltej ke jawowa, kuma kafasitoci biyu masu X7R daga kamfani ɗaya suna iya bambanta sosai a nan, saboda kaurin fallensu ba ɗaya ba ne. Boltej ɗin da aka rubuta a kwali ma iyakar abin da zai jure ne ba tare da lalacewa ba, ba alkawari ba ne cewa zai riƙe ƙarfinsa har can. Wannan bayani sai a zanen da kamfani ke fitarwa wa kowace lambar kaya, mai taken DC bias.

Akwai kuma tsufa. Tun daga ranar da seramik ya huce ya sauko ƙasa da zafin Curie, iyakokin yankuna suna ta neman wurin kwanciya, suna daɗa ƙin motsi. X7R yakan rasa kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari duk lokacin da shekarunsa a awoyi suka ninka sau goma: daga awa 10 zuwa 100, daga 100 zuwa 1,000, haka dai. Y5V yakan rasa ninki biyu ko uku na wannan. Idan aka sake ɗumama shi sama da zafin Curie, agogon ya koma sifiri. Shi ya sa kafasitan da aka cire da iska mai zafi yakan nuna lamba sama da ta jiya, ya ruɗi mai awo.

Gurbi uku a kan bod ɗaya

Mu ɗauki aiki na gaske. Wani yana harhaɗa ƴar na'urar da ke kula da cajin batir daga farantin sola. A ciki akwai regileta mai fitar da bolt 5, da maikirokontirola, da kiristal mai ba shi lokaci. Za a rufe ta a akwatin roba a rataye a ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Agadas, inda iskar waje kanta ke haura digiri 40 a watan Afrilu. A ce cikin akwatin ya kai digiri 70 da ɗumin kayan da ke ciki.

Gurbi na farko gefen kiristal ne, inda aka saba sa kafasitoci biyu na fikofarad 22. Su ne ke daidaita saurin bugunsa, don haka natsuwa ake nema, ba yawa ba. C0G ne kawai ya dace. Daga digiri 25 zuwa 70 tazarar 45 ce, a ninka da 30 cikin miliyan, a sami kashi 0.135 cikin ɗari. Fikofarad 22 ɗin zai gusa da 0.03 in ya yi yawa. Hukuncin ɗaya ne ga duk inda kafasita ke yanke lokaci, ko zaɓen tasha a rediyo, ko tace sauti mai kyau.

Gurbi na biyu shi ne nanofarad 100 da ake mannawa kusa da ƙafar wutar maikirokontirola, wanda a kan tsofaffin kafasitoci masu ƙafa ake rubuta wa 104, wato 10 da sifiri huɗu a fikofarad. Aikinsa ya ba da ɗan caji nan take duk lokacin da kontirolan ya zuƙi wuta. Ko ya zama 85 ko 110 babu wanda zai sani. X7R mai bolt 16 ko 25 ya wadatar, ba sai an tsaya dogon lissafi ba.

Gurbi na uku ne ke kama mutane. Zanen ya ce a sa mikirofarad 10 a bakin regileta, takardar regiletan kuma, a ce, tana son aƙalla 4.7 na gaske kafin ya zauna lafiya. A shago ga wani ƙarami mai sauƙin kuɗi: 10 µF, X5R, bolt 6.3, girman 0603. Bolt 5 bai kai 6.3 ba, digiri 70 bai kai 85 ba, a ido komai ya yi. Sai a yi lissafin mafi munin hali. Harafin K a lambar kayan na nufin ana iya samun sa kashi 10 cikin ɗari ƙasa da abin da aka rubuta, saura 9. A ce zanen kamfanin ya nuna raguwar kashi 55 a bolt 5, saura 4.05. A cire kashi 15 na zafi, saura 3.4. A cire wajen kashi 5 na tsufan shekara goma, saura kusan 3.3. Ya gaza 4.7, kuma raguwar boltej ita kaɗai ta riga ta kayar da shi tun kafin a zo kan zafi. Alamomin da za a gani su ne bolt 5 ɗin yana rawa, kontirola yana sake tashi da kansa duk lokacin da wani abu ya ja wuta, kuma matsalar ta fi tsanani da azahar.

A ɗauko wani: 10 µF, X7R, bolt 25, girman 1206, wato milimita 3.2 da 1.6. Da yake jikinsa ya fi girma, fallensa sun fi kauri, bolt 5 ɗin ya bazu a kan tazara mai yawa, matsin ya ragu. A ce zanensa ya nuna raguwar kashi 10. Daga 9 zuwa 8.1, zafi ya mai da shi 6.9, tsufa ya bar wajen 6.5. Ya wuce da rara. Lamba ɗaya a kwali, amma na biyun ya ba da ninki biyu na abin da na farkon ya bayar. Idan wuri ya ƙure a kan bod, ana iya jera ƙananan guda biyu kafaɗa da kafaɗa, ƙarfinsu ya haɗu. Y5V kuwa, a ganina, ba shi da gurbi a na'urar da za ta zauna ƙarƙashin kwano a ƙasarmu. Kuɗin da aka rage wajen sayensa bai kai na hawa acaɓa a koma gyara ba.

Yadda ake gane su, da yadda suke mutuwa

Tunda babu rubutu a jiki, mai ciro kaya daga tsohon bod yana da ƴan dabaru. Launi yana ba da haske kaɗan: C0G yakan yi fari-fari ko toka-toka, na bariyom taitanet kuma ruwan ƙasa, amma ba abin rantsuwa ba ne. Girman lamba ya fi tabbas, domin ɗan mitsitsin da ya nuna mikirofarad ɗaya ko fiye na gida na biyu ne. Gwaji mafi kyau shi ne a maƙala mita, a hura masa iska mai ɗumi daga nesa, a kalli allo. C0G ba zai motsa ba. X7R zai ɗan gusa. Y5V zai zube a gaban ido.

Akwai na'urar da za ka kasa kunne ka ji tana wani siririn tsuwwa, caja ko kwamfutar cinya, kuma ba koyaushe koyil ne mai laifi ba. Tunda akwatin bariyom taitanet yana miƙewa ta fuskar da ya karkata, kafasitan yakan ɗan kumbura ya motse tare da boltej. Idan boltej na rawa a saurin da kunne ke ji, sai ya girgiza bod ɗin, bod ya yi ƙara. Abin yana aiki ta baya ma: a ƙwanƙwasa bod, kafasitan ya haifar da ɗan boltej. A hanyar siginar makirfo wannan ƙwanƙwasa za ta fito a lasifika, shi ma dalili ne na sa C0G ko kafasitan leda a wurin.

Mutuwar da ta fi yawa ba daga lantarki take zuwa ba. Seramik ba ya lanƙwasa. Waya ta faɗi, ko a murɗa bod wajen ɗaure kusa, ko a ɗora bakin ƙarfen dalma mai zafi kai tsaye a gefe ɗaya alhali ɗaya gefen na da sanyi, sai tsaga ta shiga daga kusurwar ƙasa. Ido ba ya ganin ta. Danshi ya bi ta ciki, a hankali farantai biyu maƙwabta su haɗu, layin wutar gaba ɗaya ya yi shot. Manyan girma irin 1206 sun fi ƙananan saurin tsagewa, don haka wanda ya zaɓi babba saboda lissafin ɗazu ya nisanta shi da gefen bod da ramin kusa. Wajen neman mai laifi, mita za ta yi ƙara a kan duk kafasitocin da ke layin, tunda a haɗe suke. Masu gyara sukan tura ƙaramin boltej a layin da wutar da aka taƙaita, su shafa barasar goge bod ko hayaƙin rosin, su ga inda ya fara bushewa ko narkewa. Nan ne mai zafin.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: X ɗin da ke cikin X7R ba shi da dangantaka da X2 ko Y2 da ake gani a jikin kafasitocin da ke gefen wutar gida mai bolt 230. Waɗancan an gwada su ne musamman don su jure tsallen wuta ba tare da sun haddasa gobara ko sun kama mutum ba. Idan ɗayansu ya mutu a caja ko inbata, da irinsa mai wannan hatimi ake maye shi.

Ga mai zuwa saye a shago, lambar mikirofarad kaɗai ba ta isa a faɗa wa mai kaya ba. Ka nemi ya nuna maka takardar da ke manne a jikin faifan da aka naɗo kafasitocin, ka karanta haruffa ukun, da boltej, da girman, ka kwafi cikakkiyar lambar kayan don ka duba zanenta. Idan faifan ba shi da takarda, ka ɗauke shi a matsayin Y5V har sai iska mai ɗumi ta wanke shi.